Darasi: Amsa saƙo, kiran suna da kashe ƙarar guruf a WhatsApp

A guruf ɗin adashi, uwar adashi ta tambaya da safe: "Wa bai kawo zubin wannan mako ba?" Kafin azahar gaisuwa da hotunan biki sun binne tambayar. Idan kika rubuta "ni ce" kawai, ba wanda zai san da me kike.

Sai ki koma kan tambayar, ki ɗora yatsa a kanta, ki ja zuwa dama. Za ta fito a ƙaramin akwati saman wurin rubutu. Ki rubuta, "Ni ce, Hajiya, zan kawo bayan la'asar," ki tura. Amsarki za ta tafi manne da tambayar, duk wadda ta taɓa akwatin kuma wayarta za ta kai ta kan asalin saƙon. Ki duba akwatin da kyau kafin ki tura, domin yatsa kan zame ya ɗauko saƙon wata, a maganar kuɗi kuwa wannan na jawo rigima. In ba shi ba ne, ki taɓa alamar X da ke gefensa, ki sake. Saƙon murya ma haka ake amsa shi.

In kina son wata ta ga maganarki, ki danna alamar @. Sunayen 'yan guruf za su bayyana, sai ki taɓa nata. A nan aka fi yin kuskure: a rubuta sunan da hannu ba a zaɓe shi daga jerin ba, a zauna jiran amsa, alhali ba a kira kowa ba. Shaidar kira ya yi ita ce sunan ya sauya launi. Wadda ba ta cikin guruf ɗin ba za ta kiru ba.

Saura ƙara. A jerin hirarraki, ki danne sunan guruf ɗin har alamomi su fito a sama, ki taɓa ta kashe ƙara. Za a ba ki zaɓi uku: `8 hours` wato awa 8, `1 week` wato mako guda, da `Always` wato har sai kin buɗe da kanki. Ba wanda za a sanar cewa kin kashe, kuma saƙonni na ci gaba da shigowa, suna cin data kamar da. Amma idan an kira ki da @, ko an amsa saƙonki, wayar za ta sanar da ke, sai dai in ita kanta wayar kin sa ta shiru.

Shi ya sa muke roƙon uwar adashi ta riƙa kiran mai kwasa da @ ranar kwasarta. Sanarwar da ba kira a cikinta tana iya wuce wadda ta kashe ƙara.

Aikin gwaji: ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ta kashe ƙarar guruf ɗin aji na awa 8. Ɗayar ta fara tura gaisuwa kawai, sannan ta kira ta da @. Ku faɗa wa malama wanne ne ya sa wayar ta yi ƙara.