Sayen masan zama a Damagaram: tambayoyin da ake mantawa a shago

Yawancin masu sayen masan zama a Damagaram farin tangaran da siffarsa suke kallo, su shafa, su yi ciniki, a ɗora musu a amalanke. Ga shi kuwa tangaran ɗin ba ya cika lalacewa. Abin da ke mutuwa shi ne kayan roba da ke cikin ƙaramin tankin baya: bawul ɗin da ke cika ruwa, bawul ɗin da ke sakin ruwa, da robar da ke rufe bakinsa. Duk tambayar da za ka yi wa mai shago, ko ta garanti ce, ko ta ƙarfin wanki, ko ta kayan gyara, ka karkata ta zuwa cikin tankin nan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne karɓar garanti da baki. Ka ce, "Alhaji, akwai garanti?" ya ce, "Ai ba komai, in ya samu matsala ka dawo." Wannan kirki ne, amma ranar da ka dawo wataƙila yaron shago za ka tarar, shi kuma bai san da maganar ba. Raba tambayar gida uku. Garantin nan na tangaran ne ko ya haɗa da kayan cikin tanki? Kamfanoni da yawa suna ba tangaran shekaru masu yawa, kayan ciki kuma ɗan lokaci kaɗan, don haka babban lamba da ka gani a kwali ba lalle ya shafi abin da zai fara lalacewa ba. Sannan wa zai ɗauki nauyi, shagon ko kamfanin? Kayan da ya biyo ta Kano ko ya taso daga China, in kamfanin ba ya da wakili a ƙasar nan, alkawarin da ke kwali ba mai cika maka shi sai mai shagon. Na uku, daga wace rana ake ƙirga? Wannan ya shafi mai gini ƙwarai, domin mutum yakan sayi kayan ban ɗaki ya ajiye wata shida kafin a kai ga ɗaurawa. Abin da kuka amince a kai, a rubuta shi a faktir, da sunan samfurin, da kwanan wata, da tambarin shago.

Kada ka bar shagon da kwali a rufe. Fashewa a hanya ba ta shiga garanti, kuma da zarar kaya ya fita, babu mai iya tabbatar da inda ya tsage. A buɗe a gabanka, ka ƙwanƙwasa tangaran da ɗan yatsa. Mai lafiya yakan yi ƙara tsaf, mai tsaga ƙararsa a dushe take.

Kuskure na biyu ya fi cin kuɗi a garinmu, inda famfo kan ɗauke kwanaki a lokacin zafi, a koma ga 'yan garuwa. Mutane ba sa tambayar lita nawa masan ke sha. Tsofaffin samfura suna zubar da lita 9 ko fiye a dannawa ɗaya. Masu maɓalli biyu galibi an rubuta musu 3/6, wato lita 3 don fitsari, lita 6 don bayan gida. Mu ɗauki gida mai mutum 8, kowa ya shiga sau 5 a yini. Dannawa 40 ke nan. Da mai lita 9, ruwa lita 360 ya tafi, sama da jarka 14 ta lita 25. Da mai 3/6, in aka danna babban sau 8, ƙaramin sau 32, lita 144 ce, ba ta kai jarka 6 ba.

Sai dai lissafin nan yana rushewa idan masan ba ya wankewa a dannawa ɗaya. Mai lita 6 da sai an danna sau biyu ya sha lita 12, ya fi tsohon ɓarna. Shi ya sa tambayar lita ba ta isa ita kaɗai ba. Ka tambaya ko tankin da kwanon daga kamfani ɗaya suka fito tare, domin akan haɗa tankin wani da kwanon wani, alhali kowane kwano an ƙera shi ne don adadin ruwan tankinsa. Ka zura hannu cikin maƙogwaron kwanon, tunda sabo ne. In ka ji santsi har ciki, an shafe shi da gilashin tangaran. In ka ji kaushi, ƙazanta za ta riƙa maƙalewa. Ka kuma tambayi irin wankinsa. Akwai mai tura ƙazanta da nauyin ruwa, maƙogwaronsa faɗi ne kuma gajere. Akwai mai tsotsa, maƙogwaronsa siriri ne, yana buƙatar ruwa ya zubo da yawa lokaci guda. A ganina, gidan da zai riƙa kora da bokiti idan ruwa ya ɗauke, mai turawa ya fi dacewa da shi, kuma bai cika toshewa ba.

Akwai wata tambaya da ta haɗa da wannan, wadda mai gyaran famfo ya kamata ya raka ka a yi ta. Idan gidanka da tankin sama yake aiki, ƙarfin ruwan kaɗan ne: da bar ake auna ƙarfin ruwa, tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1, don haka tankin da ya ɗara na masan da mita 3 bar 0.3 kawai yake bayarwa. Wasu bawul ɗin cikawa an yi su don ruwa mai ƙarfi, a irin wannan gida sai su riƙa ɗiga, tankin ya daɗe bai cika ba. A duba takardar da ke cikin kwali a ga ƙaramin ƙarfin da bawul ɗin ke aiki da shi.

Maganar kayan gyara kuwa, "ana samu" ba amsa ba ce. Ce masa, "Alhaji, nuna mini robar da ta dace da wannan." In ya ɗauko daga kanta ya gwada a gabanka, madalla. In ya ce sai an aiko daga Kano, to ka san ranar da ta mutu masanka zai zauna a rufe. Ɗaga murfin tankin ka duba ta ina ruwa ke shiga, gefe ko ƙasa, kuma bakin tiyon rabin inci ne ko 3/8. Masan da tankinsa ke haɗe da kwano a jiki ɗaya yana da kyan gani, amma bawul ɗinsa ba irin na mai tanki dabam ba ne, kuma siffarsa in ta zama baƙuwa, murfin zamansa ma wuyar samu yake. Wanda ake binne tankinsa cikin bango ya fi kowanne buƙatar wannan bincike.

Ina ba da shawara a sayi robar sakin ruwa ɗaya da bawul ɗin cikawa ɗaya tun ranar, a ajiye. Ruwan da ya dawo bayan ɗaukewa yakan taho da yashi, yashin ya toshe matacin bawul ko ya kwanta ƙarƙashin roba, ruwa ya riƙa silalewa cikin kwano dare da rana ba a ji. Gane shi ba wuya. Zuba ɗan shuɗi a tankin, kada a danna, a jira minti 20. Idan launin ya bayyana a kwano, robar ba ta rufewa. Rufe famfon da ke shiga tankin, cire ta ka wanke yashin, in ta taurare ko ta lanƙwashe ka sa sabuwar da ka ajiye.