Kurakuran da ke cinye batirin kwamfutar wasa ta hannu, da yadda ake gyara su

Yawancin masu Steam Deck ko ROG Ally, da zarar sun ga caji na zubewa, wuri ɗaya suke nufa: su ja `TDP Limit`, wato iyakar wutar da guntun na'urar zai sha, ƙasa. Wasan ya fara sarƙewa, ransu ya ɓaci, su mayar da komai yadda yake, su yanke hukunci cewa na'urar ce ba ta da batir. A ganina abin da ke jawo haka shi ne fara gyara daga inda ya kamata a ƙare. Iyakar firem, wato yawan hotunan da wasa ke zanawa a sakan, ake fara sawa, sannan a rage wuta, kuma ba a taɓa ko ɗaya ba tare da ana kallon ma'auni ba. Zan yi bayani da Steam Deck saboda saitinta na wuri guda, amma lissafin ɗaya ne a sauran na'urorin.

Gyara ba tare da awo ba

Steam Deck ta farko, wadda ta fito a 2022, batirinta `40Wh` ne. Mai allon OLED ta 2023 tana da `50Wh`. ROG Ally ta farko ma `40Wh` ce, Ally X kuma `80Wh`. Ma'anar lambar mai sauƙi ce: ka raba ta da wat ɗin da na'urar ke sha, ka samu awannin da za ta yi. Batir mai 40 da ake zuƙar wat 20 daga cikinsa awa biyu zai yi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ɗaukar lambar `TDP Limit` a matsayin abin da na'urar ke sha gaba ɗaya. Wannan iyakar ta shafi guntun da ke ɗauke da furosesa da sashen zane ne kawai. Allo, fanka, ma'adana, lasifika da haɗin intanet duk suna da nasu cin. Shi ya sa Steam Deck da ke kan iyakarta ta wat 15 za ka ga tana jan wat ashirin da wani abu daga batir a wasa mai nauyi.

Gyaran shi ne ka danna maɓallin ɗigo uku, ka shiga sashen `Performance`, ka ɗaga `Performance Overlay Level` har sai ka ga wat ɗin batir da kuma zanen layin da ke nuna lokacin kowane firem. Ka cire caja kafin ka duba. Sannan ka kunna `Use per-game profile`, don kada saitin da ka yi wa ƙaramin wasa ya bi ka zuwa babba ya shaƙe shi.

Rage wuta kafin a sa iyakar firem

Nan ne babban kuskuren yake. Idan ba ka sa wa wasa iyaka ba, na'urar za ta yi ta zana firem iya ƙarfinta, ta shanye duk wutar da ka ba ta. Ka rage mata wutar, ba za ta daina ƙoƙari ba, sai dai ta riƙa kasawa. A wuri mai sauƙi ta ba ka firem 55 a sakan, ka shiga wurin da abubuwa suka yi yawa ta faɗo 34, ka juya ta koma 48. Wannan hawa da sauka shi ne abin da ido ke gani a matsayin sarƙewa, kuma ya fi firem kaɗan masu tafiya daidai damun mai wasa.

Idan kuwa ka fara da `Frame Limit`, labarin ya sauya. Guntun zai gama zana firem ɗinsa, ya ɗan huta kafin lokacin na gaba ya zo. Cin wuta ya sauka da kansa, zafi ya ragu, fanka ta yi sanyi. Sau da yawa wannan mataki ɗaya ne ke kawo mafi yawan ribar da za ka samu. Aikin `TDP Limit` bayan haka shi ne ya hana guntun zabura ya sha fiye da abin da yake buƙata.

Ga misali, da lambobin da na ɗauka don lissafi, naka wasan zai ba ka nasa. A ce kana kan Steam Deck mai `40Wh`, wasan na yawo tsakanin firem 45 da 58, batir na nuna wat 24. Wannan awa ɗaya da minti 40 ke nan. Ka sa iyaka a 40, ka ga wat ya sauko 17: ka koma awa biyu da kusan minti 20, alhali ba ka taɓa wuta ba tukuna. Yanzu ka tafi wuri mafi nauyi da ka sani a wasan, inda ake faɗa ko inda jama'a suka cika, ka kunna `TDP Limit`, ka riƙa saukowa daga 15 wat ɗaya-ɗaya. A kowane mataki ka yi wasa na ɗan lokaci kana kallon zanen layin. Muddin a miƙe yake, ka ci gaba. A ce a wat 9 ya fara fitar da tsini, to ka koma 10, ko ma 11 idan kana son sarari don wuraren da ba ka kai ba. Idan batir ya tsaya a wat 15, kana da awa biyu da minti 40. Awa guda cur ka ƙara.

Abin da nake so a riƙe shi ne wurin gwajin. Wanda ya gwada a allon farko na wasa, ko a tsaye cikin ɗaki babu kowa, zai zaɓi lamba ƙasa da kima, kuma wasan zai ba shi kunya a daidai lokacin da yake buƙatar hannunsa ya yi sauri.

Akwai kuma ƙaramin abu da ke taimakawa a nan. Furosesa da sashen zane daga kaso ɗaya suke cin wuta, don haka idan ka matse iyakar sukan yi ja-in-ja. Idan layin na tsini alhali sashen zane bai cika aiki ba, gwada `Manual GPU Clock`, saitin saurin sashen zane, wanda ke tafiya daga 200 zuwa 1600. Ka tsayar da shi a wajen 1000 ko 1200, ka ga ko furosesa ya samu sauƙi. Idan babu bambanci, kashe shi.

Zaɓen lambar da ba ta dace da allo ba

Me ya sa 40, ba 45 ko 50 ba? A firem 30, kowane hoto na zama milisakan 33.3 a kan allo. A 60, milisakan 16.7. A 40 kuwa milisakan 25 ne, wato tsakiyar biyun daidai ta fuskar lokaci. Shi ya sa 40 ke yi wa hannu daɗi fiye da yadda lambar ke nunawa, alhali aikin da na'ura ke yi ya fi kusa da na 30.

Sai dai da sharaɗi. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan ba zai iya raba firem 40 daidai ba: wani hoton ya zauna sau ɗaya, wani sau biyu, motsi ya riƙa ɗingishi. Dole saurin allon ya zama ninkin iyakar. Allon Steam Deck ta farko yana sauka daga 60 har 40, kuma `Frame Limit` na tsarin yana daidaita shi da iyakar da ka zaɓa. A mai OLED, da ke kaiwa 90, firem 45 a kan 90 zaɓi ne mai kyau. ROG Ally na da allo mai 120 wanda ke iya bin saurin wasa, kuma 40 na shiga 120 sau uku cif. Matsalar takan taso ne idan mutum ya sa 40 daga cikin saitin wasan ya bar allo a 60.

Kuskuren da ke biye da wannan shi ne tara iyakoki: ta tsarin na'ura, ta cikin wasa, ga kuma `V-Sync`, mai ɗaure firem da saurin allo, a kunne. Alamarsa ita ce hoto na tafiya sumul amma ka danna maɓalli sai ka ji amsar ta makara. Zaɓi guda ɗaya. Idan ta tsarin ce ke sa hannu nauyi, kashe ta, ka daidaita saurin allon, ka bar iyakar cikin wasan ta yi aikin.

Matse wasan da dama ba ya cin wuta

Ƙaramin wasa mai zane mai sauƙi wataƙila guntun bai fi wat huɗu ko biyar yake sha ba. Sa masa iyakar wat 10 ba ta rage komai. A irin wannan, hasken allo ne ke da babban kaso, shi za ka rage. A Steam Deck riƙe maɓallin `STEAM` ka tura sandar hagu ƙasa, haske zai ragu ba tare da ka fita daga wasan ba. Masu ROG Ally kuma su duba girman hoto: allonta 1920x1080 ne, ya ninka 1280x800 na Steam Deck sau biyu a yawan ɗigo, don haka saukowa zuwa 1280x720 yakan sa wat 15 na yanayin `Performance` ya wadatar a inda da sai yanayin `Turbo` mai wat 25.

Tsammanin tsarin maɓallai zai ceci batir

Gaskiyar magana, abin da ake samu a nan kaɗan ne idan aka kwatanta da iyakar firem. Rage girgizar hannu, ko kashe fitilun da ke zagaye da sandunan Ally, yana ɗan taimakawa, amma kada ka ɓata yini a kai. Amfanin tsarin maɓallai na gaske shi ne ya sa wasa a firem 30 ko 40 ya zama abin da za ka iya jurewa, don kada ka gaji ka cire iyakar.

Idan firem ya yi ƙasa, saiti da sanda kaɗai yakan yi wuya, mutum ya riƙa wuce abin da yake hari. Na'urar jin motsi, wadda ke ƙarƙashin `Gyro` a saitin maɓallai na Steam, tana gyara wannan: sanda ta yi babban juyi, ɗan karkata na'urar ya ƙarasa saitin. Kuskuren shi ne barinta a kunne kullum, domin duk motsin jikinka zai girgiza hoto. Sandunan Steam Deck suna jin taɓawar yatsa, don haka ka sa ta yi aiki sai ka ɗora babban yatsa a kan sandar dama. Maɓallan baya, `L4`, `L5`, `R4` da `R5`, ka ba su tsalle ko kaucewa, yadda yatsanka ba zai bar sandar ba.

A kula da tsarin maɓallan da wasu masu wasa suka ɗora, musamman masu haɗa linzamin kwamfuta da maɓallan hannu a lokaci guda. Wasu wasannin ba sa karɓar biyun tare. Za ka ga alamomin maɓallai a kan allo suna sauyawa suna komawa, wani lokaci har da ɗan tsayawar hoto, sai ka zargi iyakar wutar da ka sa ka ɗaga ta a banza. Kafin ka ƙara ko wat ɗaya, mayar da tsarin zuwa na hannu zalla, ka sa `Gyro` ya yi aiki a matsayin sanda maimakon linzami, ka koma wurin nan mai nauyi ka sake duba layin.