Masu injin shinkafa, ku fara binciken kanku tun masu bincike ba su iso ba

Jama'a masu kamfanin casar shinkafa, musamman na wajen Kura da Hadeja, ga wata shawara kan binciken haraji da dokar ƙwadago. Mai bincike fa ba lallai ya karanta duk takardunka ba, yana iya zaɓar takardun wata guda ya bi diddiginsu, to kai ma yi hakan.

Ɗauki takardar albashin watan Maris misali, ka ajiye ta gefen rajistar shiga aiki da takardar banki. Idan rajista ta nuna mutum 42 amma albashi ya nuna 30, nan mai bincike zai tsaya, don yawanci sauran ƴan dako ne da masu ɗinkin buhu da ake biya a hannu, ba a lissafa su ba, kuma doka ta ce wanda ya kai wata uku yana maka aiki sai ka ba shi takardar sharuɗɗan aiki a rubuce.

Sai fansho. A ce albashi da kuɗin gida da na mota sun kama naira 100,000, ma'aikaci kashi 8 wato 8,000, kamfani kashi 10 wato 10,000, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Harajin albashi kuma hukumar harajin jiha ake kai wa, kafin 10 ga watan da ke biye. Anan ake yawan faɗawa wallahi, an cire kuɗin a takarda amma akanta ya juya su an sayo shanshera, ba rasit. Duba ranar da ke jikin rasit ɗin, ba adadin kuɗin kawai ba.