Gilashin Gaba Ya Yi Gumi: Kurakuran Direbobi da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ya taɓa ɗauko fasinja daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis a tsakiyar damina ya san abin da zan faɗa. Hadari ya haɗo, mutane sun yi ta rububin shiga mota ruwa ya riga ya taɓa su, an rurrufe tagogi, an kama hanyar Gumel. Kafin a yi tafiyar minti biyar gilashin gaba ya yi fari fat, waifa tana ta kai da komo a banza, direba kuma ya miƙa hannu yana murza gilashi da hularsa, ɗaya hannun a kan sitiyari. A irin wannan hanya da shanu da masu babur da amalanke ke fitowa ba sallama, daƙiƙa goma da mutum bai ga gabansa ba ta isa a yi asarar rai. Shi ya sa nake son mu tsaya a kan kurakuran da na fi gani, domin yawancinsu da yatsa ɗaya ake gyara su.

Sai an san daga ina gumin yake zuwa kafin a gane gyaran. Iska mai ɗumi tana ɗaukar danshi fiye da mai sanyi. A ma'aunin zafi 30, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe ruwa kusan giram 30, amma a ma'auni 20 ba ta wuce kusan giram 17. Cikin mota akwai numfashin mutane, ga jiƙaƙƙun riguna da takalma, iska ta yi ɗumi ta cika da danshi. Ruwan sama kuma yana dukan gilashi daga waje yana sanyaya shi. Da iskar ciki ta taɓa gilashin nan mai sanyi sai ta sauke ruwan da ba za ta iya riƙewa ba, kamar yadda gorar ruwan sanyi take gumi idan an fito da ita daga firji. To magani biyu ne: a busar da iskar ciki, a kuma ɗumama gilashin.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne barin mota a kan juya iskar ciki. A jikin dashbod akwai maɓalli mai hoton mota da wata kibiya da ta lanƙwasa a cikinta. Idan fitilarsa tana kunne, motar ta rufe ƙofar iskar waje, iskar da ke ciki kawai take juyawa. A tsofaffin motoci ɗan marfi ne da ake turawa hagu ko dama, gefe ɗaya kibiya na shigowa daga waje, ɗaya gefen tana zagaye a ciki. Mu a nan muna da dalilin danna shi. Tun daga hunturu har bazara ƙura ce ke damunmu, ga shi esi ya fi saurin sanyi idan an rufe iskar waje. Sai mutum ya danna shi tun watan Disamba ya manta da shi, har damina ta same shi a haka. A lokacin ruwa kuwa wannan maɓalli shi ne yake tsare numfashin mutum bakwai a cikin mota, fanka ta ɗauko shi ta watsa a gilashi, ta sake ɗaukowa ta sake watsawa. Ka kashe shi. Wasu suna cewa ai waje ruwa ake yi, iskar waje ta fi danshi. Ba haka abin yake ba a mota cike da mutane: iskar waje ta fi sanyi, saboda haka ruwan da take ɗauke da shi bai kai na iskar ciki ba, wadda ta yi ɗumi da numfashi da zufa. Idan ka biyo bayan babbar mota mai hayaƙi, danna shi na ɗan lokaci, da ka wuce ka sake shi.

Na biyu, mutane sun ɗauka aikin esi sanyi ne kawai, don haka da gari ya yi sanyi sai a kashe shi, ga kuma tunanin mai. Alhali esi yana busar da iska ne ma kafin komai. A cikin dashbod akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin lagireto wanda gas yake sanyayawa har ya kusa ƙanƙara. Iska tana ratsa shi, danshinta ya zama ruwa a jikinsa ya gangara ta wani ɗan tiyo ya zuba ƙasa. Wannan ɗigon da kake gani a ƙarƙashin mota idan ta tsaya da esi a kunne, ruwan da aka tatse daga iska ne, wanda da a kan gilashinka zai sauka. Don haka maɓallin A/C ya zama a kunne ko da fasinja suna rawar sanyi. Abin da za ka yi musu shi ne ka murɗa ma'aunin zafi daga shuɗi zuwa wajen ja. Da yawa ba su san ana haɗa esi da hita a lokaci guda ba. Ana haɗawa, kuma shi ne ya fi sauri: esi ya busar da iska, hita ta ɗumama ta, busasshiyar iska mai ɗumi ta shanye gumin gilashi kamar yadda iskar bazara ke shanye wanki. Man da esi zai ci a minti goma bai kai kuɗin fitila ɗaya ba idan ka daki wani abu.

Bari in kawo yadda ya faru da ƙanena, wanda yake jan Sharon tsakanin Gumel da Kano. Wata safiya a watan Agusta ina gaba kusa da shi, mota cike, ruwa ya tsuge mana bayan mun wuce Gezawa. Gilashi ya rufe, ya ƙure fanka, amma iskar fuskarmu take duka, gilashi kuma sai ƙara fari yake.

Na ce masa, "Kai, sauka gefe tukuna."

Ya ce, "Yaya, esin nan yana aiki fa, jiya na zuba masa gas."

Ya kunna fitilun gargaɗi ya gangara gefen titi. Na duba, esi a kashe yake tun da aka fara ruwa, maɓallin juya iskar ciki yana kunne, iska kuma an saita ta wajen fuska. Muka mayar da ita kan alamar gilashin gaba, wato hoton da ya yi kama da mahuci da kibiyoyi uku masu lanƙwasa suna kallon sama. Muka kunna A/C, muka buɗe iskar waje, fanka muka ƙure ta, ma'aunin zafi muka kai shi ɗan gaba da tsakiya wajen ja. Ramukan iska na tsakiya muka rufe su, na gefe biyu muka juya su suna kallon tagogi don a ga madubi. Gilashi ya fara washewa daga ƙasa, wajen da iska ke fitowa, yana hawa sama. Kafin minti biyu mun koma kan titi. Daga nan ya rage fanka zuwa biyu, amma bai kashe esi ba har muka shiga gari.

Wannan rashin kashewar ma darasi ne. Da gilashi ya washe sai wasu su kashe esi nan take, fanka kuma tana ci gaba. Ƙarfen nan na cikin dashbod a jiƙe yake sharkaf, fanka sai ta kwaso danshinsa ta dawo da shi kan gilashi, ya rufe fiye da na farko a cikin ƙiftawar ido. Muddin ana ruwa kuma mota cike take, a bar shi a kunne.

Akwai wani gumin da yake ruɗa mutane, domin shi a waje yake. Da daddare a damina, ko a wajen fadamun Haɗeja inda iska ke da nauyin danshi, idan ka saki esi mai tsananin sanyi kai tsaye a gilashi, gilashin zai yi sanyi har iskar waje ta sauke raɓa a bayansa. Za ka ga farin ya fara daga ƙasa daidai bakin ramukan iska. Direba ya ga haka sai ya ƙara sanyi, abin ya ƙara lalacewa. Gwajin mai sauƙi ne: kaɗa waifa sau ɗaya. Idan ta share shi, a waje yake, sai ka rage sanyin ko ka kawar da iskar daga gilashi. Idan waifa ta wuce bai motsa ba, a ciki yake.

Goge gilashi da tafin hannu ko hula ko tsumman da aka goge inji da shi yana barin maiƙo, maiƙo da ƙura kuma su ne gumi ya fi kamawa, da dare fitilar mai zuwa ta tarwatse a kai ta kashe maka ido. A wanke cikin gilashi ranar da babu ruwa, a ajiye tsumma mai tsabta wanda ba ya wani aiki sai wannan. Haka nan shimfiɗar da muke ɗora wa dashbod saboda rana, da takardun mota da hula da carbi, sau da yawa su ne suke toshe ramukan da ke gindin gilashi.

Idan ka yi duk wannan abin bai yi ba, to motar ce ke da magana. Fanka tana ƙara amma iska ba ƙarfi, yawanci matatar iskar ciki ce ta cushe da ƙurar hunturu. A motocin Toyota da yawa tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. A duba kuma gindin gilashi ta waje, inda iska ke shiga, don ganyen darbejiya da ƙaiƙayi suna taruwa a wurin. Kafet ɗin gaban fasinja a jiƙe alhali ba a buɗe taga ba, tiyon zubar da ruwan esi ne ya toshe. Ka murɗa zuwa ja, inji ya yi zafi, iska ba ta yi ɗumi ba, wataƙila wani bakanike ya taɓa yanke layin hita ya haɗe tiyon, abin da ake yawan yi a nan da hujjar ƙasarmu zafi gare ta; esi shi kaɗai zai share gilashi, sai dai zai ɗan jinkirta. Wanda ya fi tsanani shi ne gumi mai maiƙo da wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa. Wannan hita ce take yoyo a cikin dashbod, kuma kunna ta ƙara rufe gilashi zai yi, sai gareji.

Motocin haya da yawa a ƙauyukanmu esinsu ya daɗe da mutuwa. Mai irin wannan mota ya buɗe iskar waje, ya juya ta gilashi, ya ƙure fanka, ya sa hita idan tana aiki, sannan ya sauke tagogin gaba biyu kamar faɗin yatsu biyu, da ɗaya ta baya idan zai yiwu, don iska ta ratsa ta fitar da numfashi. Fasinja za su yi ƙorafin feshin ruwa, ka ba su haƙuri ka bar tagar a buɗe. Idan duk da haka ba ka ganin titi sosai, ka nemi wuri mai tauri nesa da kwana da gada, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka bar fitilun gargaɗi a kunne har gilashin ya washe.