Darasi na Tara: Laƙabin Wanda Ake Rubuta wa Wasiƙa

Kafin ka sa biro a takarda, bincika laƙabin da mutumin yake amfani da shi da kansa. Duba allon ƙofar ofishinsa, ko kan takardar da ya taɓa sa wa hannu, ko ka tambayi sakatarensa. Kada ka yi masa zaɓi. Malam Aminu Kano har ya rasu a 1983 da Malam aka san shi, kuma da shi ake rubuta sunansa har yau.

Alhaji da Hajiya na wanda ya sauke farali ne. A kasuwa kan kira duk mai babbar riga Alhaji, amma takarda ba kasuwa ba ce. Idan ba ka tabbatar ba, rubuta Malam ko Malama, domin ba wanda zai ji an rage shi da wannan. Sai dai ka kula, akwai wanda Alhaji sunansa ne tun yanka, saboda an haife shi lokacin aikin Hajji. Irin wannan sai ka sa masa Malam a gaba.

Dakta kuwa na mutum biyu ne: likitan da ya gama karatun likitanci, da wanda ya yi digiri na uku a jami'a. Ba kowane ma'aikacin asibiti ne Dakta ba. Wanda ya zama Farfesa, Farfesa kawai za ka rubuta.

Laƙabi yana zuwa kafin suna, sarauta kuma bayan suna, kamar haka: Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Muƙamin aiki yana sauka layi na ƙasa.

Mu ɗauka ƙungiyarku za ta roƙi a gyara ɗakin shan magani na unguwa. Shugabar sashen lafiya likita ce, kuma ta je Makka. Wanne za ka ɗauka? Maganar aiki ce, don haka Dakta ya fi dacewa:

Dakta Wance Wane,
Shugabar Sashen Lafiya,
Ƙaramar Hukumar Kaza.

Ranki ya daɗe,

Da gayyatar ɗaurin aure ce ko walima, da Hajiya ya fi daɗi. Wasu kan haɗa biyun su rubuta Hajiya Dakta, kuma ba laifi idan ita ma haka take rubutawa. Abin da ba na so in gani a takardunku shi ne jera Alhaji da Malam da Dakta a kan suna ɗaya. A cikin wasiƙar ma kada ka ambaci sunanta tsirara, ka ce "Dakta" ko "ranki ya daɗe". Namiji kuwa "ranka ya daɗe".

Aikin gida: rubuta adireshin wasiƙa zuwa ga shugaban makarantar firamaren unguwarku. Ka fara zuwa ka tambayo laƙabinsa da cikakken sunansa.