Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Buhunan Hatsi da Sito Zai Ɗauka

Abin da mutane suka fi yi shi ne su ninka tsawon sito da faɗinsa da bisansa, su raba da girman buhu ɗaya. Amsar da ke fitowa tana da daɗin ji, amma ba ta aiki, don ba a cika sito maƙil daga bango zuwa bango, kuma buhu ba ya rabuwa biyu don ya cike wani gurbi. Abin da ake lissafawa shi ne tarin buhunan, ba ɗakin ba.

Fara da auna sito ta ciki da tef, kuma ka tsaya kan ma'auni ɗaya. A bisa, ka auna zuwa abin da ya fi yin ƙasa, wato katakon rufi ko ƙarfen da ya gitta, ba ƙololuwar kwano ba. Mu ɗauki sito mai tsawon mita 10, faɗin mita 6, bisa mita 4.

Sai buhu. Ka auna wanda aka cika, aka ɗinke, aka kwantar. Kaurinsa ne ke yaudara, domin na ƙasa yana bajewa idan aka ɗora masa nauyi. Saboda haka ka ɗora biyar kan juna, ka auna bisansu, ka raba gida biyar. A ce buhunmu na masara ne mai kilo 100, ya ba da tsawon mita 1, faɗin santimita 60, kaurin santimita 30.

Yanzu ka cire filin da ba a taɓawa. Ana barin kamar mita 1 tsakanin tari da kowane bango, yadda mutum zai zagaya ya duba ƙwari da ɓarnar ɓera, ya yi shara, kuma danshin bango ba zai kama hatsi ba. A ƙaramin ɗaki wasu kan rage shi zuwa rabin mita, amma ƙasa da haka mutum ba ya ratsawa. Bango biyu ne a kowane ɓangare, don haka mita 10 ta koma 8, mita 6 ta koma 4. A sama ma a bar mita 1 saboda zafin rufi da kuma masu lodi, a ƙasa a cire santimita 15 na katakon da ake shimfiɗawa. Bisa ta rage mita 2.85.

Daga nan sai lissafin shimfiɗa ɗaya, kuma a nan ake zubar da duk ragowar da ba ta kai buhu ba. Idan tsawon buhu ya bi tsawon sito, guda 8 za su jeru a mita 8. A faɗi kuwa, santimita 400 a raba da 60 ya ba da 6 da 'yan kai, sai a riƙe 6. Shimfiɗar ta ci buhu 48. Idan aka juya su a gicciye, 13 ne za su shiga tsawon, 4 a faɗin, jimla 52. Duka biyun za ka yi amfani da su, tunda ana sarƙa jeri ne kamar ginin bulo, wannan hawa a miƙe, na samansa a gicciye, in ba haka ba tarin ya tsage ya rufto. Ka ɗauki tsaka-tsaki, 50.

Hawa nawa? Santimita 285 a raba da 30 ya ba da 9 da rabi, wato hawa 9. Ninka 50 sau 9, ka samu buhu 450, tan 45 ke nan. Da an bi lissafin farko, da an ce 1,333, kusan ninki uku.

Kafin ka amince da hawa tara, duba irin buhun. Na leda yana da santsi, bai kamata tarinsa ya wuce mita 3 ba, na algarara kuwa yana riƙe juna, yakan kai mita 4. Namu ya tsaya a 2.7, ba matsala. Sito mai dogon rufi ba ya ƙara maka ko buhu ɗaya idan buhun ya riga ya kai iyakarsa.

Akwai hanyar gwada amsar. Tan ɗaya na masara a buhu yakan ci kimanin mita kubik 1.8. Tarinmu 8 sau 4 sau 2.7 ne, wato 86.4, a raba da 1.8 ya ba da tan 48. Ya yi kusa da 45, lissafi ya zauna. In ka ga ratar ta yi yawa, yawanci an cakuɗa mita da santimita ne, ko an auna buhun yana tsaye.

Idan hatsi iri biyu za ka ajiye, ko kana son fitar da tsohon kaya kafin sabo, dole a buɗe hanya a tsakiya. Mita 1 da za ka bari ta mayar da tarin gida biyu masu mita 3.5, kowanne na cin buhu 18 ko 20 a shimfiɗa, sai jimlar ta sauko kusan 340. Ginshiƙi a tsakar ɗaki ko ƙofa mai buɗewa ta ciki su ma haka suke ci, don haka ka cire filinsu tun kafin ka fara rabawa.