Yadda ake mayar da ma'aunin PHQ-9 Hausa ba tare da ya canza abin da yake aunawa ba

Yawancin ɗaliban da nake gani, su ba wa wani ya fassara, wani ya mayar Turanci, in biyun sun yi kama shikenan sai fili. Wannan mayarwar wani mai bincike Brislin ne ya yaɗa ta tun 1970, tana da amfani, amma mafassara kawai take gwadawa, ba mai amsa ba.

PHQ-9 dai tambaya 9 ce kan ciwon damuwa a sati biyun da suka wuce, kowace maki 0 zuwa 3, jimla mafi yawa 27. Ka sami mafassara biyu kowa ya yi nasa, ɗaya ma'aikacin lafiya ɗaya wanda bai san asibiti ba, ku haɗa ɗaya, na uku da bai taɓa ganin na asali ba ya mayar.

Inda ake faɗuwa shi ne zaɓin amsa. Na asali tsani ne: ko kaɗan, wasu kwanaki, fiye da rabin kwanakin, kusan kullum. Sai mutum ya rubuta mataki na biyu "kwanaki da yawa", ya wuce a mayarwa lafiya lau, alhali a kunnen Bahaushe ya fi "fiye da rabi" nauyi. To matar da ta cancanci maki 2 a kowace cikin tambaya biyar sai ta zaɓi "da yawa", wato 1, jimlarta ta faɗo daga 10 zuwa 5, kuma 10 ne inda aka saba cewa a duba mutum sosai, ka ga an sallame ta kenan. Ni "'yan kwanaki" nake sawa, kuma in mai karanto tambaya ne sai ya tuna mata fiye da rabi na nufin sama da kwana 7 cikin 14.

Ba ka gano wannan a ofis. Ka zauna da mutum 10 zuwa 15 irin waɗanda za a auna, har da marasa boko, bayan kowace tambaya ka ce "Baba, me kika fahimta da wannan?" da "me ya sa kika zaɓi wannan ba wancan ba?" Kuɗin mota da lemo ne kawai, kar ka tsallake. A nan za ka ji tambaya ta 7 mai zancen karatun jarida da kallon talabijin ba ta shafi wasu ba, sauraron rediyo ya fi. Kuma kar ka yi gwajin cikin azumi, tambayar barci da ta cin abinci duk za su rikice. Ta 9 kuwa, ta tunanin mutuwa, sai ka tanadi inda za ka tura wanda ya amsa e.

Sai lissafi. Mutum 200 ko sama su cika, alfa ta Cronbach, wato lissafin da ke nuna yadda tambayoyin suka dace da juna, ta kai 0.7, duk tambayar da dangantakarta da jimla ta gaza 0.3 a koma mata. Masu jin harsunan biyu su cika duka biyun a kwatanta. Makin 10 ɗin ma kar ka ɗauka haka nan, a gwada shi da binciken likitan ƙwaƙwalwa wanda bai ga makin kowa ba.